Yadda ake gane takardar kuɗin kaya da aka sauya wa lambar asusu

Shekara tara ina riƙe da littafin kuɗi na wani gidan burodi a Tudun Wada ta Kaduna. Duk abin da za a biya a gidan sai ya ratsa ta teburina, daga fulawa da sukari da yis har ledar da ake zuba burodin. A cikin shekarun nan takarda ɗaya ce ta kusa cinye mu, kuma ba wata baƙuwar takarda ba ce daga mutumin da ba mu sani ba. Daga dillalin fulawarmu na Kano ta fito, mutumin da muka yi shekara shida muna hulɗa da shi. Tambarinsa ne a kai, sa hannun akawunsa ne, kayan da aka lissafa su ne muka sauke jiya-jiya. Layi biyu kawai aka taɓa a ƙasan takardar. Da wannan takardar zan bi da kai mataki-mataki, domin yadda na duba ta ran nan haka nake duba kowace tun daga lokacin.

Takardar da nake nufi ita ce wadda mai kaya yake aiko maka yana neman kuɗinsa, 'yan kasuwa na ce mata inbois. Ta bambanta da webil, wadda direba ke kawowa tare da kaya, ta kuma bambanta da rasit, wanda ake ba ka bayan ka biya.

Tun kafin takarda ta zo

Ba ka iya gane an sauya abu sai kana da na asali a hannu. Saboda haka aikin yana farawa ne tun babu wata matsala. Kowane mai kawo mana kaya yana da fayil ɗinsa, kuma a bangon fayil ɗin daga ciki na manna takarda guda mai ɗauke da cikakken sunan kamfanin yadda yake a rajista, lambar rajistarsa ta hukumar rajistar kamfanoni CAC, bankinsa, lambar asusunsa, sunan da ke fitowa idan an sa lambar, adireshin imel da yake aiko da takardu, da lambar wayar mutum biyu: mai kamfanin da akawunsa.

Inda mutane ke kuskure shi ne wurin ɗauko waɗannan bayanai. Kada ka kwafo lambar asusun daga takardar da ta zo ta ƙarshe, domin ta yiwu ita ce gurɓatacciyar. Ka ɗauko ta daga biyan da ka tabbata ya isa, wato wanda ya fito a bayanan asusunka na banki kuma mai kayan ya ba ka rasit a kansa, ko ya kira ya ce ya ga alat. Wannan ita ce lambar da kuɗi ya taɓa bi ya isa hannun mai shi. Ni nakan haɗa takardu uku na baya da aka biya lafiya, in ajiye su a saman fayil, su ne ma'aunina.

In kana aiki da Excel, akwai tarko ɗaya. Lambobin asusu da yawa da sifili suke farawa, Excel kuma yakan share sifilin farko idan ya ɗauki abin a matsayin adadi. Ka mayar da layin ya zama `Text` kafin ka rubuta. Sannan ka sa tsohuwar lamba a gida ɗaya, sabuwa a gida na kusa, ka bar na'ura ta gwada su:

```
=EXACT(B2,C2)
```

Idan ta ce `TRUE` lambobin ɗaya ne, idan ta ce `FALSE` ka dakata. Ido yana gajiya, musamman ƙarshen wata, kuma yawancinmu lambobi uku na farko da biyu na ƙarshe muke kallo mu wuce.

Fara karatu daga ƙasa

Ran da abin ya faru Alhamis ce, wajen ƙarfe uku. An sauke mana buhun fulawa 120 da na sukari 30 ranar Laraba. Takardar ta shigo ta imel kamar kullum. Fulawa a kan naira 60,000 buhu ta kama 7,200,000, sukari a kan 80,000 ya kama 2,400,000, kuɗin mota 180,000, jimla 9,780,000. Na ɗauko webil, adadin buhuna ya yi daidai. Na duba farashin da Alhaji mai gidan burodinmu ya yi ciniki a waya, shi ma daidai.

To nan ne haɗarin yake. Duk mai duba takarda daga sama yake farawa: suna, kwanan wata, kaya, farashi, jimla. Kafin ya iso ƙasa ya riga ya gamsu, sai ya kwafi lambar asusu ba tare da ya dube ta ba. Ɓarawon ya san haka, shi ya sa ba ya taɓa saman takarda. Ni yanzu daga ƙasa nake farawa. Ina ajiye sabuwa a dama, tsohuwa a hagu, in sa rula a ƙarƙashin layin banki, in karanta abu uku: sunan banki, sunan asusu, lamba.

A tsofaffin takardun ukun, banki ɗaya ne, lambar kuma ta ƙare da 4417. A sabuwar, wani banki ne daban, lambar ta ƙare da 0926. Sunan asusun dai an bar shi yadda yake, sunan kamfanin dillalin. A ƙarƙashi an ƙara ɗan gajeren rubutu da Turanci cewa tsohon asusun yana hannun masu binciken kuɗi, a yi amfani da wannan har sai an sanar.

Lambar asusu a Najeriya lamba goma ce, tsarin da ake kira NUBAN wanda Babban Bankin Najeriya ya fito da shi a 2010. Ta goman lambar tantancewa ce, ana lissafo ta daga sauran tara da lambar bankin, shi ya sa sau da yawa idan ka yi kuskuren lamba ɗaya manhaja za ta ce babu asusun. Wannan kariya ce daga kuskuren yatsa kawai. Asusun ɓarawo asusu ne na gaske da aka buɗe a banki na gaske, zai wuce wannan gwajin lafiya lau. Kada wani ya ce maka ai lambar ta shiga, saboda haka babu matsala.

Wani abin lura: idan lambar ta fara da 80, 81, 70, 90 ko 91, ta yiwu lambar waya ce aka cire mata sifilin farko, irin asusun mutum ɗaya na OPay ko PalmPay. Wannan ba laifi ba ne, 'yan Kasuwar Barci da yawa da shi suke karɓar kuɗi. Amma kamfanin da ya shekara shida yana karɓar miliyoyi a asusun kamfani, rana ɗaya ya koma lambar wayar wani, dole a tambayi dalili.

Sunan da banki ya nuna

Rubutun da ke kan takarda kowa na iya buga shi. Sunan da manhajar banki ke nunawa idan ka sa lamba, shi daga bankin da ke riƙe da asusun yake zuwa. Saboda haka mataki na gaba shi ne ka buɗe manhaja, ka zaɓi bankin, ka sa lambar kamar za ka tura kuɗi, ka tsaya a inda suna ya fito. Ba ka biyan ko kwabo a kan wannan.

Da na sa lambar, sunan da ya fito ya yi kama da na dillalinmu ƙwarai. Kalmomi biyu na farko iri ɗaya ne. Amma namu yana ƙarewa da `NIGERIA LIMITED`, wannan kuwa da `GLOBAL VENTURES` ya ƙare. Da a ce sauri nake yi, da na ga kalmomin farko na danna.

Akwai yanayi uku da za ka iya tararwa. Idan sunan wani mutum ya fito a maimakon na kamfani, magana ta ƙare, ba a biya, ko da an ce maka ɗan mai kamfanin ne ko manajansa. Idan suna mai kama ya fito, kamar yadda ya faru da ni, ka karanta shi harafi-harafi ka gwada da sunan da ke kan tsohon alat. Yin rajistar sunan kasuwanci mai kama da na wani ba abu ne mai wuya ba, kuma da takardar rajistar ake buɗe asusu. Kana iya shiga shafin binciken sunaye na CAC, kyauta ne, ka ga lambar rajista da ranar da aka yi ta. Kamfani mai iyakantaccen alhaki lambarsa da `RC` take farawa, sunan kasuwanci kuma da `BN`. Idan takarda ta nuna `RC` na shekaru, asusun kuma na wani `BN` ne da aka yi wa rajista watanni uku da suka wuce, ba mutum ɗaya ba ne.

Yanayi na uku shi ne sunan ya fito daidai babu bambanci. Wannan alama ce mai kyau, amma ni duk da haka ba na biya sai na yi kiran da zan yi bayani a gaba. Manhajoji da dama suna yanke dogon suna, ƙarshen da ke ɗauke da bambancin shi ne ba za ka gani ba.

Jikin takardar da hanyar da ta biyo

Bayan na ga sunan, sai na koma na buɗe takardar a kwamfuta na ƙara girmanta zuwa kashi 400. A nan abin ya fito fili. Takardun dillalin suna da tambari mai dishi-dishi a bayan rubutu, buhu da zangarniyar alkama, ya mamaye shafin duka. A wurin layin banki sai ga wani farin akwati mai kusurwa huɗu ya yanke zangarniyar, kamar an liƙa farar takarda an yi rubutu a kai. Lambobin ma ba irin na sama ba ne: bakwai ɗin da ke cikin farashi miƙaƙƙe ne, lambobin asusun kuwa sun fi kauri, sun ɗan sauka ƙasa da layi. A takardar da aka buga a firinta ban ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shi ya sa nake cewa a duba fayil ɗin kansa, kada a dogara da kwafin da aka miƙo maka.

Idan PDF ne, shiga `File` sannan `Properties`. Za ka ga `Created` da `Modified`, da sunan manhajar da ta haɗa fayil ɗin. Tsofaffin takardunmu duk daga manhajar lissafin dillalin suka fito, lokacin haɗawa da na gyara ɗaya ne. Wannan an haɗa ta ƙarfe goma na safe, an gyara ta ƙarfe biyu saura, da wata manhajar gyaran PDF ta intanet. Kada dai ka ɗora wa wannan nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ana iya goge bayanan, kuma akawu na gaskiya ma yakan gyara kuskure ya sake aikowa. Rashin ganin alama ba ya wanke takarda.

Sai lambar takardar. Masu kaya suna bin jeri ne. Namu na baya 0412, 0447, 0481, sabuwar 0519, tazarar ta yi daidai da yadda aka saba. Da na ga 0481 ta sake dawowa, ko lamba ta yi tsalle zuwa dubu biyu, da na san ƙirƙirarriya ce. Daidaituwar jerin ita ta nuna min cewa takardar gaske ce aka tare a hanya, wato wani yana zaune cikin imel ɗin dillalin yana karanta abin da ke fita. Haka nan ka sake buga lissafin da kanka. A kayan da ake ɗora wa harajin VAT, irin ledar da muke saye, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, wato naira 75,000 a kan kowace miliyan. Mai jabu yakan sauya farashi ya manta bai gyara haraji ba.

Daga nan sai adireshin da ya aiko. Waya tana nuna sunan mai aikowa ne kawai, sai ka taɓa sunan adireshin ke buɗewa. Ga irin bambancin da ake nema, da adireshi na misali:

```
sales@dillalinfulawa.example
sales@dillalinfu1awa.example
```

A na biyu lamba ɗaya ce ta zauna a gurbin harafin `l`. Haka ake sa `rn` a maimakon `m`, ko a ƙara harafi guda. A Gmail, `Show original` zai nuna maka layin `Reply-To`. Namu ya zo daga adireshin gaskiya, amma `Reply-To` na wani wuri ne. Ma'ana da na danna amsa na tambaya ko da gaske an sauya asusu, ɓarawon ne zai amsa min, cikin ladabi, ya ce ƙwarai kuwa.

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ake yi wa wannan. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani mai suna irin na Quanta Computer, wanda ke sayar wa Google da Facebook kayan na'ura, ya riƙa aika musu takardun neman biya. Sun tura masa fiye da dala miliyan 100 kafin asiri ya tonu, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. Dabarar ita ce wadda aka gwada a gidan burodinmu.

Kiran waya

Duk abin da na lissafa a sama zato yake ƙarfafawa. Abin da ke yanke hukunci shi ne jin muryar mai kayan ta hanyar da ba ta zo tare da takardar ba. Kada ka kira lambar da ke kan sabuwar takarda, kada ka amsa imel ɗin, kada kuma ka wadatu da saƙon WhatsApp, domin ana ƙwace WhatsApp ɗin mutum da lambobi shida da aka yaudare shi ya karanto, hotonsa da sunansa suna nan yadda suke. Ka ɗauko lambar da ke bangon fayil ka yi kira na sosai.

Yadda ake tambayar ma yana da ƙa'ida. Kada ka karanta masa lambar ka ce haka ne? Mutum yana tsakiyar kasuwa, ana lodi, zai ce maka e, e, tura kawai. Ka bar shi ya karanto maka. Na kira dillalin na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, za mu biya kuɗin fulawar jiya ne. Don Allah a karanto min banki da lambar asusun da za a sa." Ya ce, "Haba Malam, ai kana da ita, wadda kuka saba." Na ce, "Ina da ita, amma a daure a karanto." Ya kira akawunsa, aka karanto, ta ƙare da 4417. Na ce to takardar da ta zo mana ta ce an rufe wannan asusun. Ya yi shiru, sannan ya yi salati, ya ce kada mu tura ko sisi. Kafin magariba sun gano an aika wa wasu abokan cinikinsu irin takardar, ɗaya ya riga ya biya.

Wasu na jin nauyin irin wannan kira, gani suke kamar zargi ne ga mutumin da aka daɗe tare. Ni ban taɓa ganin mai kayan da ya ji haushi don an tabbatar kuɗinsa zai iso hannunsa ba. Wanda ke fushi da tambaya, yana cewa a yi sauri kafin banki ya tashi, mota na jira, Alhaji ya yi tafiya ba a samunsa a waya, shi ne abin tsoro. Sau da yawa irin waɗannan takardu da yammacin Alhamis ko Juma'a suke zuwa, ko daf da hutun Sallah, lokacin da kowa ke son ya rufe littafi ya tafi.

In da gaske an sauya

Mutane suna sauya banki, kuma da dalili. Lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, duk mai asusu a can dole ya ba abokan cinikinsa sabuwar lamba. Abin da muke nema a gidanmu shi ne wasiƙa a kan takardar kamfani da sa hannun mai kamfanin, sannan kira zuwa tsohuwar lamba, sannan mutum na biyu a gidanmu, Alhaji ko manaja, ya sa hannu kafin in gyara bangon fayil. Idan mai kayan a cikin gari yake, Kakuri ko Panteka ko Kasuwar Gumi, hawa Keke Napep ka je ka ji daga bakinsa ya fi komai sauƙi.

Biyan farko a sabon asusu mukan fara da ɗan kaɗan, amma a kula da yadda ake yi. Tura naira dubu ɗaya ka jira a ce an gani ba ya tabbatar da komai, ɓarawo ma zai ce ya gani. Ka tura adadin da ba ka faɗa wa kowa ba, kamar 1,370, ka kira mai kayan a tsohuwar lambarsa ka ce ya faɗa maka nawa ya shigo. In ya faɗa daidai, asusun a hannunsa yake.

Abu ɗaya da ba a son faɗa: wani lokaci gyaran daga cikin gida ne. Mai karɓar takarda ko mai shigar da biya yana iya sauya lambar da aka adana a manhaja ya bar sunan yadda yake. Maganinsa shi ne wanda ya shigar da biya kada ya zama shi ne mai amincewa da shi, kuma duk wata uku a gwada jerin asusun da aka adana da abin da ke cikin fayil. Ni da kaina na roƙi Alhaji a riƙa duba nawa aikin haka.

In kuɗi ya riga ya fita

A nan mintoci ake ƙirgawa, domin tiransifa nan take take isa, ɓarawo kuma yakan rarraba kuɗin zuwa wasu asusu ko ya cire ta masu POS. Ka kira bankinka a lambar da ke bayan katinka ko jami'in da ke kula da asusunka, ka ce zamba ce, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe kuɗin. Ka ba su lambar shaidar tiransifar, wadda ke kan rasit da sunan `Session ID`, da adadi da lokaci. Ka bi da koke a rubuce a reshe, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, domin sau da yawa banki ba ya mayar da kuɗin da ke asusun wani sai da umarnin kotu. Idan mako biyu ya wuce bankinka bai warware koken ba, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Kada ka goge imel ɗin, kada ka tura shi ta hanyar da za ta ɓatar da bayanan inda ya fito, ka adana fayil ɗin yadda ya zo. Ka sanar da mai kayan a ranar, ya sauya kalmar sirrinsa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya kuma duba ko an saka wa imel ɗinsa umarnin tura saƙonni zuwa wani adireshi a ɓoye, domin sauya kalmar sirri kaɗai ba ya cire wannan. Kai ma ka duba naka, don ta yiwu ta ɓangarenka aka shigo. Sannan ku zauna da mai kayan a kan bashin tun da wuri, da shaidu, domin shi a littafinsa har yanzu ba a biya shi ba.